Ƙurajen Ƙeya: Ɓarnar da Gumi, Hula da Reza Ke Yi a Fatar Kai

Duk wanda ya saba hawa bayan ɗan acaɓa ya san abin da ido ke cin karo da shi idan mai babur ya ɗan ɗaga hular kwano don ya sha iska. A ƙeyarsa, daidai inda bakin hular ke zama, sau da yawa za ka ga ƙananan ƙuraje sun jeru, wasu jajaye, wasu da farin baki, wasu kuma sun yi tauri suna sheƙi. Haka abin yake ga magina masu hular roba, da 'yan sanda da sojoji, har da magidancin da ba ya rabuwa da zanna bukar daga asuba zuwa isha'i. Jama'a sun fi ɗora laifin a kan kilifar mai aski, su ce ya sa musu cuta. Kilifa tana da nata laifin, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma wanda ya tsaya a kanta zai yi ta canza shagon aski ƙurajen suna nan daram.

Fatar kan mutum tana ɗauke da gashi kimanin dubu 100, kowane da ramin da yake fitowa. A gefen kowane rami akwai 'yar jakar da ke samar da maiƙo, shi ne ke hana fata da gashi bushewa. Maiƙon yakan biyo jikin gashin ya fito waje, ya taho da matattun ɓawon fata. Muddin bakin ramin a buɗe yake, babu damuwa. To, idan aka kifa hula ta wuni a kai, zafi ya taru, gumi ya rasa hanyar bushewa, fatar takan jiƙa ta kumbura har bakin ramin ya tsuke. Maiƙo da ƙurar hanya da man da aka shafa su cakuɗe su toshe shi. Ga kuma gugar da hular ke yi duk lokacin da babur ya faɗa gargada ko mutum ya waiga, tana kuje bakin ramukan. Shi ya sa ƙurajen suke bin sawun hular: goshi, bayan kunne, ƙeya, da ƙarƙashin haɓa inda igiya ke ɗaurewa. Idan ka ga ƙuraje sun yi layi haka, to hular ce ta zana shi.

Ramin da ya toshe kuwa masauki ne ga ƙwayoyin da dama can suna zaune a fatarmu ba tare da sun cutar da mu ba. Biyu ne suka fi shiga wannan magana. Ɗaya bakteriya ce mai suna sitafilokokus, ita ce ke kawo maruru. Ƙurajenta suna da zafi, bakinsu ya cika da mugunya, gashi ya leƙo ta tsakiya, idan sun fashe su yi ɓawo mai ruwan ɗorawa. Ɗayar kuma naman gwari ce mai suna malaseziya, abincinta maiƙo, ita ce dai mai kawo ƙyasbi kuma tana da hannu a amosanin kai. Nata ƙurajen ƙanana ne masu kai ɗaya, ƙaiƙayinsu ya fi zafinsu, suna tsananta idan an yi gumi, kuma sukan gangaro kafaɗa da gadon baya. Wannan bambanci ne ke raba magani. Kafso mai kashe bakteriya ba ya taɓa naman gwari, wani lokaci ma fili yake share masa ya ƙara yaɗuwa. Nan ne da yawa ke asarar kuɗinsu a kemis.

Waɗannan duka suna warkewa su bar fata sumul. Wanda ya fi damuna shi ne na ƙeya mai tauri, domin shi ba ya tafiya ba tare da ya bar shaida ba. Ya fi kama maza baƙar fata, galibi daga balaga zuwa shekaru 30 da wani abu, kuma da wuya a gan shi ga mata. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yi tal-kwabo, ko aka bi layin ƙeya da reza, bakin gashin yakan fito da kaifi, ya lanƙwaso ya soki fata. Jiki sai ya ɗauke shi baƙo, ya tayar da kumburi. Ana cikin haka hula da wuyan riga su dinga gugar wurin, ramin gashin ya fashe a cikin fata, jiki ya cike gurbin da tabo mai tauri.

A ɗauki misalin saurayi mai shekara 25 da ke kabu-kabu, yana sa hular kwano daga bakwai na safe zuwa magariba. Duk ranar Alhamis yana aski saboda Juma'a, ana kankare ƙeyar da reza, a watsa masa sifirit, ya shafa basilin ya mayar da hular da ba a taɓa wanke cikinta ba tun da ya saye ta. Da farko ƙuraje huɗu ko biyar ne kamar ƙwayar gero, masu ƙaiƙayi, yana sosawa da makullin babur. Sati na zagayowa reza ta sake bi ta kansu, su yi jini. Bayan wasu watanni sun yi tauri, sun daina fashewa, kuma ya lura wurin ba ya fitar da gashi. Idan aka ci gaba a haka, ƙurajen sukan haɗe su zama tudu guda mai sheƙi a kwance a ƙeya, a gefensa gashi uku ko huɗu suna fitowa ta rami ɗaya, wani lokaci yana tsattsafo da mugunya mai wari da ke ɓata matashin kai. A wannan mataki babu man shafawar da zai dawo da gashin, domin ramukan sun mutu. Abin da ya rage shi ne likitan fata ya yi ta yi wa tudun allura don ya saɓe, ko a yanke shi.

Da saurayin nan ya farga tun ƙurajen suna biyar, abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Na farko ya sallami reza. Ya ce wa mai aski saisaye yake so, a bar gashin ƙeya ya kai tsawon milimita 3 ko fiye, kada a bi layin da reza, kuma kada kilifa ta hau kan ƙurji. In da hali ya mallaki kilifarsa, in babu ya tsaya ya ga an goge ta burushi an tsabtace ta kafin ta taɓa kansa. Sai wanke kai da sabulu mara ƙarfi duk yammacin da aka wuni ana gumi, a goge shi ya bushe sarai kafin a sa wata hula. Basilin da sauran mayuka masu danƙo a nisanta su da fatar kai har sai wurin ya lafa, domin su ma suna toshe ramuka.

Ita kanta hular kwanon ita ce aka fi mantawa da ita. Soson cikinta yana tsotse gumi da maiƙo na watanni, kullum da safe a mayar wa fata abin da aka wanke daren jiya. Wasu hulunan ana iya ɓalle soson a ciro shi. A wanke shi sau ɗaya a mako da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau. Wanda ba ya cirewa a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma mai sabulu, a bar hular a buɗe ta kwana tana shan iska. Kada a kusantar da fetur ko kananzir gare ta, suna cinye farin kumfan da ke tare buguwa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya tanadi siraran hulunan auduga biyu ko uku, ya sa ɗaya a ƙarƙashi, ya canza ta kullum. Hular da ta yi yawa tana rawa a kai tana guga, wadda ta matse tana danne fata, don haka a nemi daidai kai. Kuma da an tsaya jiran fasinja a inuwa, a cire ta kai ya sha iska.

Masu hular gida ma su duba tasu. Mukan kai riga wanki bayan sawa biyu, amma hula ta yi wata da watanni har bakinta ya yi baƙi da maiƙo kafin ta ga mai wankin hula. Mata kuma nasu ya fi zuwa ta hanyar kitson da aka ja da ƙarfi, aka cika shi da mai, aka rufe da ɗankwali da hijabi tun gashin bai gama bushewa ba. Ƙurajen da ke fitowa a gaban goshi kwana ɗaya ko biyu bayan kitso alama ce cewa an ja da yawa, a sassauta shi.

Idan gyaran nan bai wadatar ba, akwai abin da ake samu a kemis. Ga ƙanana masu ƙaiƙayi da ke tare da amosani, shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin ɗari yana aiki: sau biyu a mako, a bar kumfar ta yi minti 3 zuwa 5 a kai kafin a ɗauraye, na tsawon mako 2 zuwa 4. Masu gaggawar ɗaurayewa su ne ke cewa ba ya yi. Ga masu mugunya kuma, sabulun wanki mai benzoyil feroksayid yana rage bakteriya ya buɗe ramuka, sai dai yana koɗar da launin tawul da tufafi, kuma yana busar da fata. Magungunan sha irin su doksisaikilin sai da umarnin likita, ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro.

Abin da nake roƙon mai karatu ya guje shi ne man nan na bututu da ake cewa yana maganin kowace cutar fata, wanda galibi akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka ya dace, alhali ƙwayar cutar tana ƙara samun gindin zama, fatar kuma tana sirancewa. Haka nan baƙin mai da man birki da wasu ke shafawa, ƙona fata kawai suke yi su ƙara tabo. Matse ƙurji da farce shi ma yana tura mugunya ciki.

A tafi asibiti idan an yi mako huɗu ana kiyayewa babu sauƙi, ko ƙurajen sun fara tauri, ko gashi na zubewa a wurin, ko an ga kumburi mai zafi da zazzaɓi da kaluluwa a wuya. Mai ciwon suga kada ya jira ko mako ɗaya. Yaron da kansa ya yi fari-fari gashi na kakkaryewa kuwa makero ne ya fi yiwuwa, maganinsa na sha ne, shafawa kaɗai ba ta kashe shi.

Wani zai ce tunda hular ce ke jawowa, ai sai a ajiye ta. Ko kusa. Bincike ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa a hatsarin babur da kimanin kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Ɗan'uwa mai babur, ka ci gaba da sa hularka, ka wanke cikinta a wannan makon, kuma ranar aski ka ce a bar maka ƙeyarka da gashi.