Damina, Duwatsu da Sarauta: Abin da Ke Raba Harsunan Duniya

A ƙasar Papua New Guinea ana magana da harsuna fiye da 800. Matafiyi kan bar wani ƙauye da safe, kafin azahar ya isa inda ba wanda zai gane gaisuwarsa. A Koriya ta Kudu kuwa, mutum fiye da miliyan 50 kusan duk harshe ɗaya suke yi. Ko a nan gida bambancin a fili yake: Nijeriya na da harsuna fiye da 500, amma Nijar, wadda ta fi ta faɗin ƙasa, nata ba su wuce wajen 20 ba.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce duwatsu da dazuzzuka, wai su ke raba jama'a har bakinsu ya bambanta. Da gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. A Papua New Guinea ɗin kanta, harsunan da suka fi yawan masu magana, irin su Enga, a kan tsaunuka suke. Inda harsuna suka fi cunkushewa shi ne kwarin kogin Sepik da gaɓar arewa, wuraren da kwalekwale ke kai mutum ƙauyen maƙwabta ba wuya.

Wani masani ɗan Birtaniya, Daniel Nettle, wanda ya yi nazarin harshen Fyem a Jihar Filato, ya kawo bayanin da ya fi gamsarwa a littafinsa na 1999. Shi tsawon damina ya duba. Inda ruwa ke sauka kusan duk shekara, ƙaramin ƙauye na iya ciyar da kansa. Mutumin Sepik yana da bishiyar sago da kifi a bakin ƙofarsa, na kan tudu yana haƙar dankali da gwaza kowane wata. Bai dogara da wani na nesa ba, don haka babu abin da zai tilasta masa riƙe harshe ɗaya da mutanen nesa. Kowane zamani yara kan ɗan sauya lafazi da kalmomi, kuma idan ba a cuɗanya sosai, bayan ƙarnuka masu yawa sai kare-karen harshe ɗaya su zama harsuna dabam-dabam. Mutane sun shafe fiye da shekara 40,000 a tsibirin New Guinea, lokaci kuwa ya ishi wannan aiki.

Manomin Damagaram ba haka rayuwarsa take ba. Daminarsa wata uku ce zuwa huɗu, kuma idan ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunsa ba zai kai shi wata kakar ba. Abin da ke cetonsa shi ne dangi a wani gari, surukai a wata ƙasa, kasuwar da hatsi ke zuwa daga kudu, da cin rani. Duk wannan zumunci mai nisan zango yana bukatar baki ɗaya. Shi ya sa a yankin Sahel ake samun manyan harsuna masu faɗin ƙasa, irin su Hausa, Fulfulde, Kanuri da Zarma, amma da an gangaro Kuros Riba ko kudancin Kamaru sai a tarar kusan kowace gunduma da nata.

Damina kaɗai ba ta bayyana komai ba. Bauci da Filato ba su da ruwan Kuros Riba, amma suna cike da ƙananan harsuna, kuma a nan duwatsu sun yi tasiri ƙwarai, domin sun zama mafaka ga al'ummomin da ke gudun hare-haren masu kama bayi da mulkin manyan masarautu. Wani lokacin ma mutane da gangan suke riƙe bambancin. A yankin kogin Vaupés, tsakanin Kolombiya da Brazil, al'ada ta hana mutum auren mai harshen mahaifinsa. Kowane yaro yana tashi da harsuna da dama, kuma kowa na tsare nasa don kada ya gauraya.

Ƙasashen da ke da harsuna kaɗan kuwa, sau da yawa sarauta ce ta share sauran. Daular Rum ta shimfiɗa Latin a kan harsunan Gaul da Etruria har suka ɓace. A Faransa, rahoton da Abbé Grégoire ya gabatar a 1794 ya nuna cewa tsiraru ne ke iya Faransanci sosai. Makarantar dole, wadda aka kafa dokarta a 1882, da aikin soja ne suka kai harshen Paris kowane lungu.

Hausa ma tana cikin masu wannan shara, kuma bai kamata masu ita su kau da kai ba. Kasuwa, fatauci, makaranta da rediyo sun kai ta gidajen da a da ba a jin ta. Harshen Ajawa na ƙasar Bauci ya mutu tun tsakanin 1920 da 1940, bayan masu shi sun koma Hausa. A wasu ƙauyukan jihar a yau, tsofaffi na magana da harshen kakanninsu, jikoki na amsa musu da Hausa.