Daga hoto zuwa umarni: yadda ake sama wa waya wuri

Mutum zai turo maka hoton shafin Storage na wayarsa, ya ce ta cika. Kada ka amsa masa da "share wasu abubuwa". Fara karanta hoton: wace irin waya ce, kuma wane layi ne ya fi cin wuri? Sunayen shafuka sun bambanta tsakanin Tecno da Samsung, saboda haka kalmomin da ke allonsa za ka rubuta, harafi da harafi.

A ce hoton na Samsung ne, kuma bidiyon WhatsApp ne suka cinye wurin. Sai ka jero masa:

1. Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo uku na sama.
2. Taɓa Settings, sannan Storage and data.
3. Shiga Manage storage, buɗe Larger than 5 MB.
4. Zaɓi bidiyon da ba ka buƙata, ka goge.

Kowane mataki ya zama gajere, domin mai bi yana kallon allo ne yana karatu.

Ka kuma gargaɗe shi a kan Clear data. Clear cache tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, amma Clear data yana iya tafiya da hirarrakin da ba a adana ba. Bayan ya gama, ya turo sabon hoto a kwatanta lambobin.