Kafin Makaranta Ta Biya Kuɗin Manhajar Karatu: Mutum Nawa Lasisin Ya Ɗauka?

Kamfanonin da ke sayar wa makarantu manhajar karatu ta intanet sukan jera tsare-tsarensu a shafin farashi, ƙarami da matsakaici da babba, kowanne da kuɗinsa na shekara. A ƙarƙashin kuɗin akan ga gajeren layi irin wannan: "up to 300 users". Ma'anarsa dai mutum 300 ne iyakar waɗanda za su yi amfani da tsarin. Abin da layin bai faɗa ba shi ne su wane ne mutanen. Ɗalibai ne kaɗai? Har da malamai? Shugaban makaranta da zai riƙa duba sakamako, shi ma yana cikin lissafi? A nan ne makarantu da yawa ke yin asara, domin sai an biya kuɗi, an fara shigar da sunaye, sannan a gane cewa abin da aka saya bai kai ba, ko kuma ya yi yawa.

Maganin wannan wasiƙa ce guda ɗaya, wadda shugaban makaranta ko jami'in mulkinta zai aika wa kamfanin kafin a fitar da ko sisi. Sai dai wasiƙar da ta ce kawai "muna so mu san mutum nawa tsarinku ya ɗauka" ba za ta haifar da komai ba. Amsar da za a dawo da ita ita ce abin da ke kan shafin tun farko: 300.

Lasisi a nan izinin shiga ne. Makaranta ba ta mallaki manhajar ba, ta karɓi hayarta ne na wani lokaci, yawanci shekara guda, don adadin mutane da aka ƙayyade. Kamfanoni kuma ba hanya ɗaya suke bi wajen ƙidaya ba. Wasu suna ɗaura kowane lasisi a kan sunan mutum, ta yadda ɗalibin da aka buɗe wa asusu ya cinye guda ɗaya ko da bai taɓa shiga ba. Wasu suna ƙirga waɗanda ke ciki a lokaci guda ne kawai, kamar kujerun motar haya: wani ya sauka, wani ya hau, muddin ba a wuce adadin kujerun ba. Akwai kuma masu sayar da lasisin makaranta sukutum, wanda kuɗinsa ya dogara da yawan ɗaliban da ke cikin rajista.

Batun malamai ma haka yake da bambanci. A MoodleCloud, tsare-tsaren suna tafiya ne bisa yawan masu asusu, kamar 50 ko 100 ko 200 ko 500, kuma malami da ɗalibi duk asusu ne a cikin wannan adadi. Kamfanin Microsoft kuwa, a tsarinsa na makarantu mai suna Microsoft 365 A3, daga wajen ma'aikata yake fara lissafi: makarantar da ta saya wa dukkan ma'aikatanta da suka cancanta lasisi tana samun na ɗalibai ba tare da ƙarin kuɗi ba, har 40 a kan kowane lasisin ma'aikaci ɗaya. Kamfanoni biyu ke nan, kowanne da gaskiyarsa, amma wanda ya ɗauki lissafin ɗaya ya kai wa ɗayan zai sha mamaki.

Mu ɗauki misalin wata sakandare mai zaman kanta, mai ɗalibai 420 daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba. Tana da malamai 26, huɗu daga cikinsu na wucin gadi ne. Akwai kuma mutum uku da ba sa shiga aji amma dole su sami asusu: shugaba, jami'in jarrabawa, da mai kula da ɗakin kwamfuta. Ɗakin kwamfutar yana da na'ura 40. Tsarin da suke so ya ce mutum 300.

Idan kowane kai ake ƙirgawa, makarantar tana buƙatar 449, wato ta gaza da 149. Idan ɗalibai kaɗai ake ƙirgawa, malamai kyauta, giɓin 120 ne. Idan kuwa masu shiga lokaci guda ake ƙirgawa, kuma yaran a ɗakin kwamfuta kawai suke amfani da manhajar, to na'ura 40 da wayoyin ma'aikata 29 ba su kai 70 ba, tsarin da ya fi wannan ƙanƙanta da araha ma ya wadatar. Layi ɗaya ne a shafin farashi, amma ya ba da amsa uku, biyu na cewa a ƙaro, ɗaya na cewa a rage.

A ce makarantar ta yanke shawarar taƙaita abin ga masu fuskantar jarrabawa da na kusa da su: ɗaliban babbar sakandare 190, da 'yan aji uku na ƙarama 80. Sun zama 270. A haɗa da ma'aikata 29, an sami 299. A takarda ya yi daidai, har da rarar guda. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya sayi tsari a kan irin wannan lissafin ba, domin makaranta ba ta tsayawa cak. A zango na biyu yara biyu za su zo daga wata makaranta. Malamin lissafi zai bar aiki, a ɗauki wani. To asusun wanda ya tafi, ana iya karɓe lasisinsa a ba sabon, ko ya ƙone ke nan har ƙarshen shekara? Idan an rufe asusun, makin da ya ba ɗalibai da darussan da ya ɗora za su tsaya, ko za su bi shi? Wannan tambaya ta sauya suna ita ce aka fi mantawa da ita, kuma a ganina ta fi ta adadi muhimmanci, saboda duk ƙarshen shekara 'yan aji uku na fita, sababbi na shigowa.

Ga yadda wasiƙar wannan makaranta za ta iya kasancewa. Galibi da Turanci ake aikawa, amma abin da ke ciki shi ne wannan:

"Zuwa ga Sashen Ciniki. Bayan gaisuwa, ni ne jami'in mulki na makarantar sakandare mai zaman kanta, kuma muna duba yiwuwar ɗaukar tsarinku na mutum 300 daga watan Satumba mai zuwa. Muna da ɗalibai 270 da za su yi amfani da shi, da malamai 26, da ma'aikatan ofis 3. Muna roƙon ku bayyana mana a rubuce: a cikin 300 ɗin nan, lasisin malamai nawa ne, na ɗalibai nawa ne, ko kuwa a haɗe suke? Asusun ma'aikatan ofis yana cin lasisi? Kuna ƙirga duk wanda aka buɗe wa asusu ne, ko waɗanda ke ciki a lokaci guda? Idan ɗalibi ko malami ya bar makaranta, za mu iya mayar da lasisinsa ga wani, kuma me zai faru da bayanansa? Idan muka buƙaci ƙarin lasisi 10 a tsakiyar shekara, nawa ne kuɗin kowanne, ko sai mun koma babban tsari gaba ɗaya? Muna kuma so a aiko mana da takardar farashi mai nuna jimillar kuɗi har da haraji, da ranar farawa da ta ƙarewa. Kwamitin makaranta zai zauna nan da mako biyu, don haka za mu ji daɗi idan amsarku ta iso kafin lokacin. Mun gode."

Abin lura na farko shi ne makarantar ta fara faɗin nata adadin kafin ta tambayi nasu, kuma ta raba shi gida uku. Wannan ne ke tilasta wa mai amsawa ya yi lissafi a kan halin da ake ciki, maimakon ya kwafo abin da ke cikin takardar talla. Ta kuma ambaci sunan tsari ɗaya, ba ta bar ƙofa a buɗe ba. Sannan ta nemi amsa a rubuce. Wakilin kamfani yana iya cewa a waya "ai malamai kyauta ne", da zuciya ɗaya ma, amma idan ya bar aikin, ko aka canza tsarin farashi, maganar baka ba ta da inda za a kama ta. Abin da ke cikin takardar farashi da yarjejeniya shi ne hujja.

Maganar ranaku ba ƙarama ba ce. Shekarar karatu a Nijeriya takan fara a Satumba ta ƙare a Yuli, lasisi kuwa sau da yawa daga ranar biya yake fara ƙirga wata 12. Makarantar da ta biya a Afrilu za ta cinye dogon hutu a cikin kuɗinta, sannan wa'adin ya cika a Afrilu mai zuwa, daidai lokacin da 'yan aji uku ke shirin WAEC da NECO. Haraji ma a tambaya, domin VAT a Nijeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun shekarar 2020, kuma ba kowane shafin farashi ne ke haɗawa da shi ba. Idan da dala aka rubuta farashin, a nemi sanin da wane kuɗi za a biya.

Yadda ake gane an yi kuskure ba shi da wuya. Mai kula da kwamfuta zai ɗora jerin sunaye, manhajar ta karɓi wasu ta ƙi sauran, ta nuna an kai iyaka. Daga nan sai dabarar da aka saba: malamai biyu su raba asusu ɗaya, ko a ba yara uku lambar sirri guda. Wannan dabarar tana ɓata ainihin abin da aka saya. Makin Audu ya gauraya da na Bala, malami ya kasa sanin wa ya gane darasi, wa bai gane ba. Yawancin yarjejeniyoyi kuma sun hana raba asusu, kamfani na da damar rufewa. Ga kuma amanar bayanan yara, wadda dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara su, har ta nemi amincewar iyaye ko mai riƙo idan bayanan na yaro ne.

Idan amsa ta zo, a karanta ta da lissafin makaranta a hannu, tambaya bayan tambaya. Duk wadda aka tsallake, ko aka amsa da cewa tsarin "ya dace da makaranta irin taku", a sake aikawa da ita ita kaɗai, a nemi adadi. A misalinmu, idan kamfanin ya ce malamai da ma'aikata ba sa cikin 300, makarantar tana da rarar 30, ta biya hankalinta kwance. Idan ya ce a haɗe suke, sai ta zaɓa: ta cire 'yan aji ɗaya na babbar sakandare zuwa baɗi, ko ta nemi a rubuta farashin ƙarin lasisi a cikin yarjejeniya tun yanzu, kafin ta sa hannu.