Rangwamen da ba ya zubar da darajar kaya

A shekarar 2011 kamfanin J.C. Penney, mai manyan kantunan tufafi da kayan gida a Amurka, ya yi shelar rangwame sau 590. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin cinikinsa yana fitowa ne daga kayan da aka zabtare wa rabin farashi ko fiye. Kuɗin da ke rubuce a jikin riga ya zama ado kawai, don kowa ya san gobe ko jibi za a rage.

Ron Johnson, wanda ya yi suna wajen kafa kantunan Apple, ya karɓi ragamar kamfanin, kuma a watan Fabrairun 2012 ya soke yawancin rangwamen, ya sa farashi mai sauƙi na dindindin. Masu saye suka ƙaurace. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a shekarar, aka sallame shi a Afrilun 2013. Ɓarnar ta riga shi zuwa, domin shekaru aka yi ana sabar wa mutane da jiran ragi, kuma wanda ya saba jira ba ya yarda da farashin gaskiya cikin dare ɗaya.

Kafin ɗan kasuwa ya rubuta kalma ɗaya ta talla, lissafi ya kamata ya fara yi. A ɗauki mai sayar da atamfa da ya saro turmi a kan naira 20,000 yana sayarwa 25,000. Ribarsa 5,000 ce. Idan ya rage kashi 10 cikin 100, mai saye zai ga 2,500 kawai aka cire, amma shi rabin ribarsa ce ta tafi. Sai ya sayar da turmi 40 kafin ya sami abin da turmi 20 ke ba shi a da. Idan ya kai ragin kashi 20, aikin banza yake yi, bai ma fitar da kuɗin mota ba.

A nan dabarar gyara da aka gada a kasuwanninmu ta fi ƙarfi. Maimakon ya taɓa farashin, sai ya ce duk wadda ta sayi turmi biyu za a kai mata har gida kyauta, ko a ɗora mata ɗankwalin da shi ya saro a 1,500. Ta ji an kyautata mata, shi kuma turminsa yana nan a 25,000 a bakin kowa. Idan kuma dole sai an rage, to a faɗi dalili: zanen bara ne ake son kwashewa kafin sabon kaya ya iso, ko kuwa ragi ne na tsofaffin abokan ciniki kaɗai. Ragin da ba a faɗi dalilinsa ba yana sa mai saye ya yi zargin kayan na da aibi, ko kuma an daɗe ana tsuga masa kuɗi.

Sai batun gaggawa. "Ku yi sauri kafin ya ƙare!" magana ce da kunne ya gaji da ita. Wadda ke aiki tana da adadi da rana: "Saura turmi 12 na wannan zanen, ragin zai tsaya daren Alhamis." Sharaɗin shi ne ranar Juma'a farashi ya koma yadda yake, ko da kaya sun rage a shago. Wanda ya ƙara wa'adi sau biyu ya sanar da kowa cewa wa'adinsa ba wa'adi ba ne.

Hukumomi ma sun sa ido a kan wannan. A 2019 hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal shida, ciki har da Booking.com da Expedia, suka yi alƙawarin daina matsa wa mutane da saƙon cewa wasu na kallon otal ɗin, alhali wasu ranaku daban suke nema. A Tarayyar Turai kuwa, tun 2022, "tsohon farashi" da ake nunawa a tallar ragi dole ya zama mafi ƙanƙanta da aka sayar da kayan a kwana 30 da suka gabata.

Mai shago na iya gane ko raginsa ya fara yi masa illa. Ya duba littafin ciniki na makonni biyu bayan ragin. Idan ciniki ya faɗi ƙasa da yadda aka saba, cinikin gobe ya jawo zuwa yau a farashi mai araha, bai sami sabbin masu saye ba. Idan kuma tsofaffin abokan ciniki sun fara tambayar "yaushe za ku sake yin ragi?" kafin su taya kaya, ya kamata ya ja tazara mai tsawo kafin na gaba.