Bita a Kan Gaɓar Mantuwa

A shekarar 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage masa bayan sa'o'i da kwanaki. Ya tarar mantuwa ta fi yin ɓarna a ranar farko, daga nan sai ta sassauta. Masu bincike na baya sun ƙara tabbatar da cewa duk sa'ad da mutum ya wahala kafin ya tuno abu, abin yakan ƙara daɗewa a kansa. Shi ya sa bitar da ta fi amfani ita ce wadda aka yi dab da abin zai kuɓuce, kuma kowace bita ana nisanta ta fiye da ta baya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Sebastian Leitner, wadda ya bayyana a 1972. Ka yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ka tanadi akwati biyar. Ambulan ma ya isa. Sai ka tsara, misali: na ɗaya kullum, na biyu bayan kwana 3, na uku bayan mako, na huɗu mako 2, na biyar wata guda.

Ɗauki kati mai cewa "A wace shekara aka haɗe Arewa da Kudancin Najeriya?", bayansa 1914. Ka rubuta shi ran Litinin. Talata ka amsa daidai, ya shiga akwati na biyu. Juma'a ka sake ci, ya haura na uku. Juma'a ta gaba kuwa ka ce 1941. To, ba sassauci, ya koma na ɗaya. Da haka lokacinka ke tafiya kan abin da ke ba ka wuya, wanda ka iya kuma ya daina cin ranarka.

Mai waya na iya barin lissafin ga manhajar Anki, wadda ta samo tsarinta daga aikin Piotr Woźniak na ƙasar Poland. Ka amsa, ka danna Again idan ka manta ko Good idan ka tuna, ita ta sa ranar dawowa.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne juya kati da wuri. Ka ga amsa, zuciya ta ce "ai na sani", alhali gane abu daban ne da tuno shi. Furta amsar da baki tukuna. A ganina kuma sabon shiga kada ya wuce sababbin kati 10 a rana, domin kowanne bashi ne da zai dawo. Katin da ya yi ta komawa akwati na ɗaya kuwa, duba shi da kyau: galibi tambaya biyu ko uku ce aka cusa a ciki, sai ka raba shi.