Fuska fara, wuya baƙi: inda gyaran hoton amarya ke kwaɓewa

Akwai tsayuwar da kusan kowace amarya ke yi a gaban kyamara: ta ɗan karkata kai, ta ɗora yatsu a ƙarƙashin haɓa domin lalle da zobe su fito. Tsayuwa ce mai kyau, amma ita ce ta fi tona asirin mai gyaran hoto, domin ta haɗa fuska da wuya da hannu a wuri ɗaya, kowanne yana gogar ɗan'uwansa. Idan mai gyara ya ɓata lokacinsa duka a kan fuska, ya share ƙuraje, ya haska ƙarƙashin ido, ya ƙara wa kumatu sheƙi, sai hoton ya fito da fuska fes, wuya ya yi duhu, hannu kuma ya yi jaja-jaja. Mai kallo ba ya bukatar sanin Photoshop kafin ya ji cewa wani abu bai daidaita ba. Zai ce kawai, "Wannan ai ba ita ba ce."

Bambancin yakan fara tun kafin a kunna kwamfuta. Mai kwalliya ta shafa fandeshan da hoda a fuska, sau da yawa masu ɗan haske fiye da fatar amarya, ta tsaya a daidai muƙamuƙi. Wasu hodojin suna mayar da hasken filasha, shi ya sa ƙarƙashin ido ke fitowa fari-fari ko toka-toka a hoto alhali a ido ba haka yake ba. Wuya yana cikin inuwar haɓa, kuma yana ɗaukar launin duk abin da ke kusa da shi: koren leshi zai zuba masa kore, jan mayafi ya zuba masa ja, sarƙar gwal ta ƙara masa ruwan ɗorawa. Hannu kuwa dama can launinsa daban ne, gaɓoɓin yatsu sun fi duhu, tafi ya fi haske, ga rana da wanke-wanke da yake sha fiye da fuska. Nisa ma yana da tasa rawar. Idan fitila tana mita 1 daga fuska, hannun da ke kan cinya kuma yana mita 1.4, rabin hasken da fuska ta samu ne kawai zai isa gare shi.

Sai gyara ya zo ya ninka wannan bambancin. A Lightroom, tun 2022 akwai hanyar zaɓar mutum a sashen Masking da ke raba Facial Skin da Body Skin. Mutum ya danna na fuska kaɗai, ya ɗaga Exposure, ya rage Texture, ya wuce hoto na gaba, ya manta cewa akwai wuya. Haka ma a Photoshop, duk lokacin da aka haska wuri da Curves, launinsa ma yana motsi tare da hasken, wani lokaci ya ƙara kauri, wani lokaci ya koɗe.

Abin da nake so duk mai wannan sana'a ya riƙe shi ne: haske daban, launi daban. Daidai ne wuya ya fi fuska duhu, domin haka haske ke sauka a jikin ɗan Adam, kuma wuyan da aka haska har ya kai fuska sai ya zama kamar an liƙa kan a jikin takarda. Abin da ido ba ya yafewa shi ne fuska ta karkata zuwa ruwan ɗorawa, wuya ya karkata zuwa toka, hannu ya karkata zuwa ja. Jinsin launin ne ya kamata ya zama ɗaya. Kuma ma'aunin da za a bi shi ne fatar da ba a shafa mata komai ba, wato gefen wuya ko damtse ko bayan kunne. Kuskuren da ya fi yawa a situdiyoyinmu shi ne a ɗauki fuskar da ta sha hoda a matsayin ma'auni, a ja sauran jiki a kai shi can. A nan ne yarinya baƙa kyakkyawa ko wankan tarwaɗa ke komawa wata farar baƙuwa da danginta ba su sani ba.

Ido shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a wannan aiki, domin bayan ka jima kana kallon hoto ɗaya sai ya saba da kuskuren. Don haka ake aunawa. A Photoshop akwai Color Sampler Tool, yana ɓoye a ƙarƙashin Eyedropper. Ka mayar da Sample Size zuwa 11 by 11 Average domin kada ya karanta ɗigo ɗaya tak, sannan ka dasa alama uku: ɗaya a kumatu, ɗaya a gefen wuya inda haske ya taɓa, ɗaya a bayan hannu inda babu lalle. Kauce wa wurin da ke ƙyalli, kamar tsakiyar goshi da karan hanci, domin launin fitila suke nunawa. Kauce wa inda aka shafa jan kumatu, da kuma can cikin inuwa. A akwatin Info ka mayar da kowace alama zuwa Lab Color. Za ka ga lambobi uku. L shi ne haske, daga 0 zuwa 100. Harafin a yana nuna yawan ja, b kuma yawan ruwan ɗorawa. Amfanin wannan tsari shi ne ya raba maka haske da launi, abin da lambobin RGB ba sa yi kai tsaye. Masu Lightroom Classic ma za su iya samunsa idan suka danna dama a kan Histogram suka zaɓi Show Lab Color Values.

Mu ɗauki misali. A ce amarya wankan tarwaɗa ce, an gama gyaran fuska, aka auna aka samu haka: kumatu L 62, a 14, b 24, wuya L 42, a 17, b 20, hannu L 46, a 21, b 20. Ka bar L tukuna, ka kwatanta a da b a kowane wuri. A wuya, b ya ɗara a da maki 3 kawai, wannan shi ne asalin launinta. A fuska tazarar ta kai 10, ma'ana fandeshan da gyara sun janye jini daga fuskar sun bar ruwan ɗorawa. A hannu kuma a ne ma ya wuce b, shi ya sa yake ja. Wurare uku, launi uku.

Daga fuska za a fara, kuma gyara na farko ragi ne. Koma kan shimfiɗar da ka haska fuska da ita, ka sauke Opacity har L ya dawo wajen 55, sannan ka mayar da yanayinta daga Normal zuwa Luminosity domin ta taɓa haske kawai ta ƙyale launi. Sau da yawa wannan kaɗai yana cinye rabin matsalar. Abin da ya rage na hoda ne. Buɗe sabon Curves, ka shiga tashar Blue ka ɗaga tsakiyar layin kaɗan, domin shuɗi ne ke kashe ruwan ɗorawa, sannan ka shiga Green ka sauke shi ɗan ƙanƙani domin ja ya dawo. Idonka yana kan Info, kana neman a ya kusanci 17, b ya sauko wajen 21. Ka cika Layer Mask da baƙi, ka ɗauki buroshi mai laushi, Hardness a 0, Flow wajen 10%, ka shafa fari a hankali a fuska, kana kauce wa ido da leɓe da gira. A muƙamuƙi ka bar shafar ta narke zuwa cikin wuya. Layi mai kaifi a wannan wurin shi ne tambarin aikin gaggawa.

Hannu ya fi sauƙi a lissafi, amma ya fi bukatar haƙuri. Da Hue/Saturation, zaɓi Reds, tura Hue zuwa dama kamar +5 domin jan ya karkata zuwa ruwan lemo, ka rage Saturation kaɗan, har a ya sauko wajen 18. Wahalar ita ce lalle. Jan lalle yana cikin jerin launin da ka taɓa, don haka idan ba ka keɓe shi ba zai koɗe ya zama ruwan ƙasa, kuma amarya za ta lura da wannan kafin komai, tunda ta yi awoyi a zaune ana zana mata shi. Ka ƙara girman hoton, ka bi tsakanin zanen da ƙaramin buroshi, ka bar farce da tafin hannu yadda suke. Gaɓoɓin yatsu kuma a sassauta duhunsu kaɗan kawai idan sun yi yawa, kada a shafe su, domin hannun da ba shi da duhun gaɓa kamar na roba yake fitowa.

Wuya, wanda shi ne ma'auninmu, kusan ba a taɓa launinsa. Za a iya ɗaga haskensa daga 42 zuwa kamar 46 domin tazarar da ke tsakaninsa da fuska ta ragu. Idan tufafi sun zuba masa kore ko ja a ƙarƙashin haɓa, a rage wannan a wurin kaɗai. Shi ya sa tun farko na ce alamar awo ta zauna a gefen da haske ya taɓa, nesa da bakin riga.

Lambobin nan na wannan amarya ne a wannan haske. Kada wani ya rubuta su a bango ya ce ya samu sirrin fata, domin babu lamba ɗaya da ta dace da kowa, kuma yayin da fata ke ƙara duhu, a da b duka sukan ragu. Ba kuma dole sai wuraren uku sun zo daidai wa daida ba. Saɓanin maki 2 ko 3 abu ne na halitta, kumatu da kunne da yatsu dama sun fi sauran jiki jini.

Kafin ka rufe aiki, akwai gwajin da ba ya cin minti ɗaya. Ɗora Solid Color mai launin toka tsaka-tsaki a saman komai, ka mayar da shi Luminosity. Haske da inuwa za su ɓace, launi tsantsa ya rage, kuma duk inda fuska ta rabu da wuya zai bayyana ƙarara. Mayar da shi Color, sai ka ga hoton baƙi da fari, ka duba ko fuska tana walƙiya ita kaɗai. Sannan ka goge shi, ka ƙanƙantar da hoton zuwa girman da zai fito a waya, domin a can yawancin mutane za su gan shi, kuma bambancin launi ya fi fitowa a ƙaramin hoto. Ka jera shi da sauran hotunan bikin, musamman waɗanda take tare da ango da ƙawaye, kada ta zama kala ɗaya a kamu, wata kala a dina.

Wani aikin ma a ɗakin kwalliya ya kamata a kashe shi. Mai ɗaukar hoto ya ɗauki gwaji ɗaya da filasha kafin a fita, ya nuna wa mai kwalliya, idan fuska ta yi wa wuya nisa ta sauko da fandeshan ƙasa ko ta sauya mai duhu. Farin kyalle ko faifan mayar da haske a ƙarƙashin haɓa zai buɗe inuwar wuya ba tare da an taɓa kwamfuta ba.

Za a samu amaryar da za ta ce, "Don Allah ka ƙara mini haske." Hotonta ne, tana da ta cewa. Amma ka nuna mata biyun gefe da gefe kafin ta yanke shawara, kuma idan ta dage, ƙarin ya zama kaɗan, ya game fuska da wuya da kunne da hannu da ƙafa idan ta fito. Kada ka miƙa mata hoton da ka gyara fuskarsa kaɗai.