An ƙara kuɗin ruwa, kaya kuma sun ƙara tsada: hira a Kasuwar Singa

A shekarar 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙara kuɗin ruwa har sau 6, daga kashi 18.75 cikin ɗari zuwa 27.5, kuma kowane karo gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, yakan ce manufar ita ce daƙile hauhawar farashi. Amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar ta tashi daga kashi 29.9 a Janairu zuwa 34.6 a Nuwamba. Duk mai shago yana da hujjar yin tambaya. Ita ce wani dattijo mai sayar da kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano ya yi wa ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin banki, a ƙarshen shekarar.

"Ku dai 'yan banki kun gama da mu," in ji dattijon. "Tun da kuka fara ƙarin nan a Fabrairu, ban taɓa zuwa sari na tarar da farashin jiya ba."

"Kawu, katan ɗin taliya yaushe ya fara gudu, a Fabrairun ko kafin nan?"

Dattijon ya yi shiru kaɗan. "Tun bara, gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai."

"To ka gani. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A watan Yuni aka saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta kai wajen 1,500 a Fabrairun 2024. Alkamar da ake yin taliyar nan kusan duk daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Tsadar ta riga ƙarin kuɗin ruwa zuwa, ita ce ma ta sa aka yi ƙarin."

"Ni fa ban taɓa cin bashin banki ba, Allah Ya tsare ni da riba. Me ya haɗa ni da kuɗin ruwansu?"

"Kai ba ka ci ba, amma kamfanin da ke yin kayan yana ci, manyan diloli da yawa ma haka. A nan kana da gaskiya, ƙarin yana shiga farashi. Sai dai bari mu lissafa nawa ne. A ce dila ya ranci naira miliyan 10 na wata 3, ya sari katan 500 a kan dubu 20 kowanne. Da can bankinsa yana karɓar kashi 25 a shekara, yanzu kashi 32. Bambancin kashi 7 ne, wato naira dubu 700 a shekara, a wata 3 kuma dubu 175. Raba wa katan 500."

Dattijon bai taɓa kalkuleta ba. "Naira 350."

"Shi ke nan abin da kuɗin ruwan dilan ya ɗora wa katan ɗaya. Ko ka haɗa da na kamfani, bai kama ƙafar abin da dala ta yi ba, wadda ta ninka sau uku."

Wannan lissafin ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗora wa kuɗin ruwa laifin da ba nasa ba ne duka, jami'ai kuwa sukan yi magana kamar ba shi da laifi ko kaɗan. Yana da shi. Ƙaramin mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke juya jarin banki yana jin ƙarin a jikinsa, wani ma yakan rage aiki ya sallami ma'aikata.

"To idan yana ƙara tsada, ko da kaɗan ne, don me ake yin sa?"

"Don a rage kuɗin da ke bin kaya. Idan rance ya yi tsada, masu ci suna raguwa. A Fabrairun nan ma an tilasta wa bankuna su ajiye kashi 45 na kuɗin ajiyar jama'a a Babban Banki, maimakon 32.5, a Satumba aka mayar da shi 50, saboda abin da za su ba da rance ya ragu. Sannan mai kuɗin da ke sayen dala ya ɓoye, idan ya ga takardun lamunin gwamnati suna biya da kyau, sai ya bar kuɗinsa a naira. Ka tuna Afrilu, lokacin da dala ta sauko ƙasa da 1,200?"

"Na tuna. Ba ta daɗe ba ta koma."

"Ta koma. Amma ta wannan hanyar ce ƙarin ya fi saurin taɓa shagonka. Sauran hanyoyin suna ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kamar tirela ce ɗauke da siminti a gangara. Direba ya taka birki, amma ba nan take za ta tsaya ba, kuma birki ba ya mayar da mota baya."

"Ban gane na ƙarshen ba."

"Ko maganin ya ci, farashi ba zai koma na da ba, saurin tashinsa ne zai ragu. Katan na dubu 20, idan hauhawa kashi 34 ce, baɗi zai zama 26,800. Idan an sauko da ita kashi 24, zai zama 24,800. Za ka ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, ka zo kasuwa ka tarar kaya sun ƙara kuɗi, kuma ba ƙarya aka yi maka ba."

Dattijon ya nuna layin masu hatsi da haɓa. "Masara da gero fa? Su ma da dala ake shigo da su?"

Nan saurayin ya sassauta murya. Ya ce wannan ita ce iyakar abin da Babban Banki zai iya. Manomin Zamfara ko Katsina da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, kuɗin ruwa ba zai mayar da shi ba, ba zai sauke farashin taki ko kuɗin mota daga ƙauye zuwa Dawanau ba. Ga shi a Satumba da Oktoban 2024 fetur ya sake tashi har ya kai wajen naira dubu, ambaliya kuma ta ci gonaki, ta shiga Maiduguri. Abinci shi ne kaso mafi girma a abin da talaka ke kashewa, kuma cinikinsa yawanci kuɗi hannu ne, bai bi ta banki ba. Shi ya sa ƙarin kuɗin ruwa a ƙasa irin tamu ba ya cizo kamar yadda yake yi a inda kowa ke da bashin gida da na mota.

"To gobe idan kaya suka tashi, yaya zan gane mai laifin?"

"Duba waɗanne kaya ne suka tashi, Kawu. Idan taliya, madara da sukari suka yi tsalle tare cikin mako guda, tambayi 'yan canji a Wapa, dala ce. Idan kayan nauyi masu zuwa daga nesa ne, duba farashin mai. Kuɗin ruwa kuwa ba a farashi za ka fara ganinsa ba, a bashi ne."

"Wallahi haka ne. Dilan da ke ba ni kaya sai bayan mako 2 in biya, yanzu cewa yake kuɗi hannu, ko kuwa farashin bashi daban."

"Saboda kowace rana da kuɗinsa suka kwana a wajenka, banki yana ƙirga masa ita."

Dattijon ya jawo littafin masu bashinsa ya fara buɗawa. "Ashe nawa kuɗin ma suna kwana a hannun mutane. Wanda na ba katan a dubu 20 wata 3 da suka wuce, in ya biya yau, kuɗin ba za su sayo min wani katan ba."

"Ba za su saya ba, Kawu. Wannan kuma ba kuɗin ruwa ba ne, hauhawar ce da kanta. Ka rage wa'adin, ko mako guda ne."